Kuɗin mayar da murya rubutu da sa sabtaitil: tambayoyi da amsoshi kan farashin minti da garantin daidaito

Waɗannan tambayoyi ne da matasa masu shiga sana'ar nan a zangon Kumasi suke yawan yi, musamman waɗanda ƙungiyoyi da ɗaliban jami'a da masu haɗa bidiyo suka fara kawo wa aiki. Kuɗin da za a gani a ciki duk na misali ne don lissafi ya fito fili. Kowa ya sa nasa adadin a gurbinsu.

Me ya sa ake yanka farashi da mintin murya, ba da awa ko da shafi ba?

Domin mintin murya ne kaɗai abin da ku biyun kuka sani tun kafin a fara. Mai aiki bai san awa nawa za ka yi a zaune ba, kuma ba zai yarda ya biya abin da ba zai iya dubawa ba. Shafi kuwa ana iya kumbura shi da manyan haruffa da tazarar layi. Amma fayil mai minti 52, minti 52 ne a wayarsa da kwamfutarka.

Sai dai ka riƙe wannan: mintin murya ma'auni ne na mai biya. Kai abin da kake sayarwa lokacinka ne. Saboda haka farashin minti ba a tsinto shi daga bakin wani ba, fitar da shi ake yi daga tsawon lokacin da minti ɗaya na wannan muryar zai ci maka.

To yaya zan fitar da farashin minti ɗaya?

Fara da abin da kake so awa ɗaya na aikinka ya kawo, bayan ka tuna da data, da wuta, da gyaran kwamfuta. A ce sidi 60 ne. Wannan adadin yana da daɗin lissafi, don kowane minti da ka yi kana aiki sidi ɗaya ke nan.

Ƙiyasin da aka saba da shi a wannan sana'a shi ne awa ɗaya na murya mai tsabta yana cin kamar awa huɗu na bugawa. Wato mutum biyu, ɗaki shiru, makirufo kusa da baki, yare ɗaya. Ƙara awa ɗaya na sake sauraro da gyara, ya zama awa biyar. Awa biyar sidi 300 ne, a raba wa minti 60, minti ɗaya ya tashi sidi 5. Wannan shi ne farashinka na ƙasa, na aikin da ba shi da wata matsala.

Matsalar ita ce a zango irin wannan muryar ba ta cika zuwa ba.

Ka ba da misali da aiki irin wanda ake kawowa da gaske.

A ce wata ƙungiya ta tara mata 'yan kasuwa bakwai a wani gida a Aboabo, ta tattauna da su kan adashi da rance. An ajiye waya a tsakiyar tabarma an naɗa. Fanka tana juyawa, yaro yana kuka, aboboya tana wucewa a bakin titi. Matan suna magana da Hausa, amma in zance ya yi zafi sai wata ta juya Tonanci, wato yaren Asante, wata ta jefo Turanci, uku su yi magana a lokaci guda. Jami'ar ƙungiyar ta kira ka ta ce: "Malam, minti hamsin da wani abu ne kawai, nawa za ka yi mana?"

Kada ka faɗi kuɗi a waya. Ka ce mata: "Hajiya, turo mini fayil ɗin in saurara, zuwa la'asar zan turo miki farashi a rubuce."

Da ya iso, fara da duba tsawonsa da kanka. Kowace manhajar sauraro za ta nuna, amma in fayilolin suna da yawa wannan umarnin yana ba da tsawo a daƙiƙoƙi:

```
ffprobe -v error -show_entries format=duration -of csv=p=0 hira1.mp3
```

A ce ya nuna 3107. Minti 51 da daƙiƙa 47 ke nan, a cike shi ya zama 52.

Daga nan sai gwaji. Zaɓi minti biyar daga tsakiyar hirar, ba daga farko ba. Farkon hira yana yaudara: ana gaisuwa, kowa yana jiran a ba shi dama, mai tambaya yana kusa da waya. Sai an yi nisa ake sakin jiki a fara katse juna. Buga waɗannan minti biyar ɗin kana duba agogo. A ce sun ci maka minti 45. Ashe kowane minti na murya yana cin minti tara, ba huɗu ba.

Yanzu lissafi. Minti 52 sau tara, minti 468 na bugawa. Sake sauraro a irin wannan muryar ba ya tafiya kai tsaye, sai ana tsayawa ana komawa baya, don haka sa minti ɗaya da rabi ga kowane minti, ya ba da 78. Jimla 546, wato awa tara da 'yan mintoci. A sidi ɗaya kowane minti na aiki, sidi 546 ke nan. Raba wa 52, ya ba da sidi 10 da fesuwa 50. Ka faɗi 11, aikin ya tashi sidi 572.

Saura Tonancin. In ba ka iya shi sosai ba, kada ka yi ta maza. Nemi wanda ya iya ya saurari waɗannan wuraren, ka sa kuɗinsa a layi daban a takardar farashi, a ce sidi 80. Gaba ɗaya 652.

Da ka amsa mata a waya da sidi 5 ɗin nan naka, da ka karɓi 260 a kan aikin awa tara. Awa ɗaya bai kai sidi 29 ba, kuma ba a biya mai Tonanci ba tukuna.

Ba za ta gudu ba in ta ji sidi 11 alhali wani ya ce mata 5?

Tana iya gudu. Abin da yake tsayar da mai aiki shi ne ya ga dalili da idonsa. Tura mata minti biyar ɗin da ka buga, da alamar wanda yake magana a kowane wuri, ka ce ta saurara tana bin rubutun. Yawanci kafin ta kai minti na biyu ta gane abin da ke cikin fayil ɗinta, don wanda ya naɗi murya ba kasafai yake komawa ya saurare ta ba.

In kuɗin ne ya yi mata yawa da gaske, rage aiki, kada ka rage farashin aiki iri ɗaya. Ana iya cire rarrabe sunan kowace mai magana a bar "mai tambaya" da "mahalarciya". Ana iya barin gaisuwa da rabon lemo na ƙarshe. Kowanne yana rage lokaci, saboda haka yana da hujjar rage kuɗi.

Shiru da ke cikin fayil fa, shi ma ana biya?

Ana biya, don sai ka saurare shi kafin ka san shiru ne. In akwai dogon wuri da aka manta waya a kunne, kamar lokacin da aka tashi salla, mai aiki ya gaya maka daga minti kaza zuwa kaza, ka tsallake, ka cire daga lissafi.

Idan saƙonnin murya ne gajeru masu yawa?

Sa mafi ƙarancin kuɗi ga kowane fayil, kamar kuɗin minti biyu ko uku. Saƙon WhatsApp na daƙiƙa 40 sai ka sauke shi, ka sa masa suna, ka buɗe takarda, ka mayar. Guda talatin irinsa minti 20 ne kacal a lissafi, amma za su cinye maka safiya.

Mai aiki ya ce in ba shi garantin kashi 99 cikin 100. In amince?

Kafin ka amince ko ka ƙi, ka san abin da adadin yake nufi. Hanyar da aka sani ta aunawa ita ce a ƙirga kuskure iri uku: kalmar da ka sauya da wata, kalmar da ka tsallake, da kalmar da ka ƙara alhali ba a faɗe ta ba. A haɗa su, a raba da yawan kalmomin da aka faɗa da gaske:

```
WER = (S + D + I) / N
```

`S` sauyi ne, `D` tsallake, `I` ƙari, `N` kuma yawan kalmomin asali. `WER` shi ne ma'aunin kuskuren: in an mayar da shi kashi cikin ɗari, abin da ya rage daga 100 shi ne daidaito.

Koma kan hirar Aboabo. In a ce matan suna faɗin kalma 140 a minti, fayil ɗin yana ɗauke da kalmomi 7,280. Kashi 99 yana nufin an yafe maka kuskure 72. Kashi 98 kuma 145. Ka ga ashe 99 ba ya nufin babu kuskure. Amma a wurin da mutum uku suke magana tare ga fanka tana ƙara, kalma 72 suna iya salwanta a 'yan mintoci, kuma ba laifinka ba ne, ba su shiga wayar da kyau ba tun asali.

Don haka amsata ita ce: a murya mai tsabta, 99 abin da ƙwararre zai iya ɗauka ne. A irin ta Aboabo, ka ɗauki 98, kuma a kan wuraren da ake iya ji kawai. Duk inda ba a ji, ka sa alama da lokacinsa, kamar `[ba a ji ba 00:23:14]`, a rubuta a yarjejeniya cewa wannan ba ya cikin kuskure. Wanda ya cike gurbin da abin da yake zato don takarda ta yi kyau ya fi cutar da mai bincike, don shi mai binciken zai ɗauka maganar matar ce ya kafa hujja da ita.

Wa zai auna, kuma yaya? Ai ba wanda zai ƙirga kalma dubu bakwai.

Ba a ƙirga duka. Ku amince tun farko cewa mai aiki zai zaɓi wurare uku da kansa, farko da tsakiya da ƙarshe, waɗanda in an haɗa za su kai kamar kalma 500. A saurara tare, ko wani na uku da kuka yarda da shi ya saurara. A ce an sami sauyi 4, tsallake 3, ƙari 1. Takwas cikin 500 kashi 1.6 ne, daidaito ya zama 98.4. Ka cika alkawarin 98. Da 99 ka ɗauka, da ka faɗi.

Sai a rubuta abin da zai biyo baya in an faɗi. Wanda na ga ya fi adalci shi ne ka sake bin fayil ɗin gaba ɗaya kyauta cikin kwana biyu ko uku. In an sake aunawa bai kai ba, a rage wani kaso na kuɗin da aka ambata tun farko. Kuma a sa wa'adin kawo ƙorafi, kamar mako guda ko biyu. In ba wa'adi, bayan wata huɗu ana rubuta rahoto za a dawo maka da fayil ɗin a ce a duba, kai kuma ka riga ka manta muryoyin.

In na kai kashin da aka ce, shi ke nan na fita?

A takarda ka fita, amma lissafin nan yana da makanta: duk kalmomi ɗaya yake ɗaukarsu. Tsallake "to" kuskure ɗaya ne. Tsallake "ba" a cikin "ba mu biya ba" shi ma ɗaya ne ko biyu, alhali ya juya maganar gaba ɗaya. Saboda haka yana da kyau ka ware abubuwa uku ka yi musu alkawari na daban, cewa za ka bi su ɗaya bayan ɗaya a sauraro na biyu: sunaye, adadi, da kalmomin kore magana.

Adadi ya fi kowanne haɗari a Ghana. Tun da aka sauya kuɗi a 2007, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, amma har yau a Kejetiya da sauran kasuwanni za ka ji dattijuwa ta ce ta zuba "miliyan biyu" a adashi, tana nufin sidi 200. Ka rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, ka sa ɗan bayani a gefe cewa da alama da tsohon kuɗi take lissafi. Kada ka gyara mata a ɓoye, kada kuma ka bari mai bincike da ya zo daga waje ya rubuta cewa mai sayar da koko tana zuba miliyoyi.

Sunaye kuwa, nemi mai aiki ya ba ka jerinsu tun farko: na mutane, na unguwanni, na ƙungiyoyi. In wa'azi ne ko tafsiri, aya da hadisi ba a rubuta su da ji, a littafi ake dubawa a kwafo, kuma lokacin dubawar yana shiga farashi.

Hausar zango zan rubuta yadda aka faɗa, ko in mayar da ita daidaitacciya?

Tambayi mai aiki kafin ka buga harafi ɗaya, don yawancin rigimar daidaito daga nan take tashi. Hausar Ghana tana da nata tsari. Da yawa ba sa bambanta namiji da mace a jimla, za ka ji an ce "ya zo" ana nufin mace. Mai nazarin harshe yana so a bar masa haka, har da in'ina da maimaici da "eh" da "am". Mai rubuta rahoto yana so a share masa a bar ma'ana. In ka gyara wa na farko, kowace gyara kuskure ce a ma'auninsa. In ka bar wa na biyu, zai ce ba ka iya Hausa ba.

Na kalma da kalma ya fi cin lokaci, don haka ya fi tsada. Rubuta a takardar farashi wanne ne, kuma gwajin minti biyar ɗin nan da ka tura shi ne samfurin da za a koma gare shi in gardama ta taso.

Farashin sabtaitil ɗaya ne da na rubutu?

A'a. Sabtaitil aiki biyu ne, wani lokaci uku: a rubuta maganar, a yanka ta gunduwa-gunduwa a ɗora kowace a kan lokacinta, in kuma da fassara, a fassara. Kowanne ka sa masa kuɗinsa a minti, a layinsa. Yadda ka gwada rubutu haka za ka gwada wannan: ɗauki minti biyu na bidiyon, ka yi su a manhajar Subtitle Edit ko Aegisub, ka duba agogo. Ga yadda gunduwa ɗaya take a fayil na SRT:

```
14
00:01:12,400 --> 00:01:15,400
Kowane mako muna zuba sidi hamsin,
wata ta ɗauka.
```

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, gunduwa kada ta wuce daƙiƙa bakwai a allo, kuma gudun karatu ya tsaya wajen harafi 17 a daƙiƙa. Gunduwar da ke sama daƙiƙa uku ce, saboda haka tana da wurin harafi kamar 51. In matar ta faɗi abin da ya kai harafi 80 a waɗannan daƙiƙoƙin, dole a taƙaita.

Nan ne garantin kashi 99 yake rushewa. Sabtaitil mai kyau da gangan yake zubar da kalmomi. In aka auna shi da ma'aunin kalma da kalma zai faɗi, alhali shi ne daidai. Abin da za ka yi alkawari a nan daban ne: ma'ana ba ta sauya ba, rubutu yana fitowa tare da magana yana ɓacewa tare da ita, ba layin da ya wuce iyaka, sunaye da adadi daidai suke.

An dawo mini da bidiyo an ce rubutun ba ya tafiya tare da magana. Laifin wa?

Duba wurare uku: farko, tsakiya, ƙarshe. In tazarar iri ɗaya ce ko'ina, a ce daƙiƙa biyar, to an ƙara wani abu a farkon bidiyon bayan ka gama, tambarin ƙungiya ko kiɗan buɗewa. Gyaran minti ɗaya ne, a tura duka gunduwoyin gaba. In farko daidai ne sai daga wani wuri komai ya goce, an yanke ko an ƙara wani sashe a nan. In kuma tazarar tana ƙaruwa a hankali, an sauya gudun hoton ne. Tsakanin firam 25 a daƙiƙa da 23.976 akwai bambancin kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, kafin minti goma rubutu da magana sun rabu sarai.

Duka ukun daga wajen mai haɗa bidiyo suke. Kuskurenka kai ba ya bin tsari irin wannan, gunduwa ɗaya ce nan ta yi latti, wata can ta yi sauri. Shi ya sa za ka rubuta cewa farashinka na bidiyon da aka gama haɗawa ne, da sunan fayil ɗin da tsawonsa, kuma duk sauyin da aka yi bayan haka sabon kuɗi ne.

Wani ƙorafin da yake zuwa shi ne ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya ko ɗan akwati. In alamar tambaya ce ko wasu baƙin haruffa, ba a ajiye fayil ɗin a `UTF-8` ba. In akwati ne, salon harafin da aka zaɓa ne ba shi da su. Gwada a wayar mai aiki kafin ka ce ka gama.

Aikin gaggawa da maganar biya fa?

Wanda yake so gobe da safe ya ƙara kuɗi, rabin farashi ko abin da kuka daidaita, don barcinka zai saya. Ko ba gaggawa, kada ka ba da wa'adin da ya yi daidai da lissafinka cif. Aikin awa tara ba na yini ɗaya ba ne, kunne yana gajiya, bayan 'yan awoyi kuskure yake fara yawa. Ga kuma ɗauke wuta. Ka ce kwana uku.

Karɓi rabi kafin alƙalami ta momo, sauran in an miƙa aiki. In ƙungiya ce ko kamfani, tambaya ko suna cire haraji kafin su biya, don ka san abin da zai shigo hannunka, ka kuma nemi takardar shaidar cirewar.

Bayan na gama, me zan yi da fayilolin?

Muryoyin mutane ne da sirrinsu: bashin da ake bin su, rashin lafiya, rikicin gida. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, kuma ƙungiyoyi da yawa za su ba ka takardar riƙe sirri ka sa hannu. A zango abin ya fi haka nauyi, don mai yiwuwa ka gane muryar, maƙwabciyar gwaggonka ce. In za ka ba mai Tonanci wani sashe, sanar da mai aiki tukuna, kuma ka yanko masa wurin da ake buƙata kawai. Ajiye fayilolin har wa'adin ƙorafi ya wuce, sannan ka goge su daga kwamfuta da waya da inda aka turo maka su, ka aika wa mai aiki saƙo cewa ka goge.